Gaisuwar biki ga abokan ciniki Musulmi da Kirista: wace hanya ta fi dacewa da kamfaninka?

Mai kamfanin da ke da shago a Kaduna, Jos, Yola ko Abuja ya san cewa layin masu biyan kuɗi a gabansa ba na addini ɗaya ba ne. Hajiya ce a gaba, matar fasto na bayanta, sai wani ɗan kasuwa daga Anaca, sai direban da ya fito daga Ilori. Idan biki ya ƙarato sai tambaya ta taso a ofis: a tura wa kowa «Barka da Sallah», ko a ware? Idan Kirsimeti ta zo fa? Wasu sukan gaji da muhawarar su ce a bari sai ƙarshen shekara a yi gaisuwa guda wadda ba ta ambaci kowa ba.

Hanyoyi huɗu ne aka fi bi. Ta farko ita ce gaisuwar bai-ɗaya sau ɗaya a shekara. Ta biyu, a gaishe da kowane biki da sunansa, saƙon ya je wa kowa. Ta uku, a raba jerin abokan ciniki, kowa ya samu gaisuwar bikinsa kaɗai. Ta huɗu ita ce kalandar bango mai ɗauke da ranakun bukukuwan duka. Domin lissafi ya zauna a kan abu guda, mu ƙaddara kamfanin sayar da abincin kaji ne da ke Kaduna, yana da reshe a Zariya da Kafanchan, yana riƙe da lambobin waya 4,000 na masu saye. Mu kuma ƙaddara kowane shafi na saƙon tes naira 6 ne. Wannan farashin na misali ne, sai ka sa wanda mai tura maka saƙo ya ba ka.

Ma'aunan da za a duba

Farashi shi ne na farko, kuma a nan akwai tarkon da ya shafi masu rubutu da Hausa musamman. Shafin tes ɗaya yana ɗaukar harafi 160 idan duk haruffan na Turanci ne zalla. Da zarar harafi ɗaya mai lanƙwasa ya shiga, wato ƙ, ɗ, ɓ ko ƴ, ko kuma ɗan hoton wata da tauraro, sai tsarin saƙon gaba ɗaya ya sauya, shafi ya koma harafi 70. Idan saƙon ya wuce shafi guda ma sai kowane shafi ya ragu zuwa 67. Ga saƙon da ba shi da lanƙwasa ko ɗaya: «Barka da Sallah ga abokan cinikinmu Musulmi da iyalansu. Allah ya maimaita mana. Muna hutu Litinin da Talata, za mu koma aiki ranar Laraba.» Harafi 139 ne har da tazara, shafi ɗaya ke nan, naira 24,000 ga mutum 4,000. Ka canza «koma aiki» zuwa «buɗe shago», saƙon ya zama shafi uku, kuɗin ya tashi zuwa 72,000. Ba wai a cire lanƙwasa a rubuta kalma ba daidai ba, a zaɓi kalmomin da ba su da ita tun asali.

Na biyu shi ne ɗorewa, kuma fuska biyu gare shi: tsawon lokacin da gaisuwar ke yi a gaban mutum, da ko kamfanin zai iya riƙe al'adar shekara bayan shekara. Fuska ta biyun ta fi nauyi. Wanda ya yi gaisuwar Sallah bana ya manta da Ista, ko ya yi ta Kirsimeti da allon talla ya yi ta Sallah da layi ɗaya a Facebook, ya faɗi abin da bai yi niyyar faɗa ba, kuma mutane suna lura.

Na uku, sauƙi: ma'aikaci nawa ake buƙata, kuma ko ranar bikin sananniya ce tun da wuri. Kirsimeti ba ta motsi daga 25 ga Disamba. Ista tana yawo tsakanin 22 ga Maris da 25 ga Afrilu, amma ana sanin ranarta shekaru kafin ta zo. Babbar Sallah tana faɗawa 10 ga Zulhijja, saboda haka da an ga watan akwai sama da mako guda na shiri. Ƙaramar Sallah ce mai wuya, domin sai daren 29 ga Ramadan ake jiran sanarwar Sarkin Musulmi, Alhaji Muhammadu Sa'ad Abubakar, a san gobe Sallah ce ko azumi zai cika talatin.

Na huɗu shi ne haɗari, kuma iri biyu ne: ɓata wa mutane rai, da taka doka. Talla da ke fita ga jama'a a Najeriya tana ƙarƙashin hukumar ARCON, wadda dokar 2022 ta kafa a madadin APCON, kuma ƙa'idarta ita ce a tantance talla kafin a sake ta. Bayanan mutane kuwa suna ƙarƙashin dokar kare bayanai ta 2023, wadda za mu dawo kanta.

Hanya ta farko: gaisuwa guda a ƙarshen shekara

Irinta ita ce: «Muna taya ku murnar bukukuwan wannan lokaci, tare da fatan alheri a sabuwar shekara.» Ba a ambaci Sallah ba, ba a ambaci Kirsimeti ba. Kuɗinta a misalinmu naira 24,000 a shekara, mutum ɗaya zai rubuta ta cikin minti goma, kuma babu jiran ganin wata. Wajen araha da sauƙi babu wadda ta kama ƙafarta.

Matsalarta ita ce an ɗinka ta ne domin wata ƙasa. A Amurka da Birtaniya wannan salon yana da ma'ana, saboda Kirsimeti da Hanuka ta Yahudawa da sabuwar shekara duk suna taruwa a kusa da juna a ƙarshen shekara, kalma ɗaya ta isa ta rufe su. A nan kuwa shekarar Hijira kwana 354 ce ko 355, tana gaza ta Miladiyya da kwana goma zuwa sha ɗaya, saboda haka Sallah tana ja baya kowace shekara har ta zagaye watanni sha biyu cikin shekara 33 ko kusa da haka. Dubi 2025: Ƙaramar Sallah ta zo 30 ga Maris, Ista 20 ga Afrilu, Babbar Sallah 6 ga Yuni. Saƙon da ya iso wayar Alhaji a ranar 23 ga Disamba yana cewa «bukukuwan wannan lokaci» ba shi da wani biki da yake nufi sai Kirsimeti, kuma Alhaji ya san haka. Shi Kirista kuma ya ga an kewaye sunan bikinsa kamar abin kunya. Ɓangarorin biyu babu wanda ya ji da shi ake.

Akwai shekarun da salon yake dacewa da gaske. A Disambar 2015 Mauludi ya zo daf da Kirsimeti, kuma bisa lissafi Ƙaramar Sallah za ta faɗo kusa da Kirsimeti a ƙarshen 2033. Ko a irin waɗannan shekarun ma ambaton sunayen biyu ya fi daɗin ji. Haɗarin wannan hanya kaɗan ne, ba za a ja ka a soshiyal midiya ba, ba kuwa za a tuna da saƙon ba bayan awa guda. Idan za ka bi ta, gara ka mayar da ita gaisuwar sabuwar shekara tsagwaronta ka tura 1 ga Janairu, da godiyar cinikin bara, ka daina kiran ta ta bukukuwa.

Hanya ta biyu: kowane biki da sunansa, saƙo ga kowa

A nan kamfani yana gaisuwa sau huɗu a shekara, Sallah biyu da Ista da Kirsimeti, wasu su ƙara sabuwar shekara su zama biyar. Kowane saƙo yana zuwa wa duk mutum 4,000. Biyar sau 24,000, naira 120,000 ke nan a shekara. Ita ce mafi tsada a cikin hanyoyin tes, amma ba ta buƙatar ka san addinin kowa, kuma wannan babban sauƙi ne.

Abin da ke riƙe da ita shi ne yadda aka gina jumlar. Akwai bambanci tsakanin taya mai biki murna da yin furucin aƙida da bakin kamfani. «Muna taya abokan cinikinmu Kirista da iyalansu murnar bikin Ista» magana ce da mai kamfani Musulmi zai iya sa hannu a kai ba tare da ya ce komai game da abin da ya yi imani da shi ba, kuma Musulmin da ya karanta ya san ba a ce da shi ya yi biki ba. Idan aka rubuta «Ya tashi daga matattu domin mu duka», an shiga wurin da addinan biyu suka rabu, aka kuma tura wa Musulmin da ke cikin jerin abin da ba su yarda da shi ba. Haka nan saƙon Sallah da ya cika da ayoyi da wa'azi ya tashi daga gaisuwa. Malamai sun saɓa a kan hukuncin Musulmi ya taya wanda ba Musulmi ba murnar bikinsa, kuma akwai masu kamfanin da za su ga ko wannan lafazin ya yi musu nauyi. Irin waɗannan sukan tsaya a kan fatan lafiya: «Muna yi wa abokan cinikinmu Kirista fatan yin hutun Kirsimeti lafiya, Allah ya kiyaye hanya ga masu tafiya gida.» Wannan ma gaisuwa ce mai ɗumi, ta ambaci mutanen, ta ambaci bikin.

Hausa ta sauƙaƙa mana abu ɗaya. Kiristan da ke ibada da Hausa a Kagoro ko Numan, Allah yake cewa, kuma haka yake a Littafi Mai Tsarki na Hausa tun bugun 1932. Saboda haka «Allah ya maimaita mana», «Allah ya kai mu na baɗi», «Allah ya ba mu zaman lafiya» addu'o'i ne da kowa zai amsa da amin. Da su za ka rufe saƙon kowane biki, sai ya zama ƙarshen saƙon na kowa ne ko da farkonsa na wasu ne.

Dabara ta biyu ita ce a haɗa gaisuwa da sanarwar aiki. Gwamnatin tarayya tana ba da hutu a duk waɗannan bukukuwa ta bakin ma'aikatar harkokin cikin gida, kuma mai kiwon kaji a Kafanchan, ko da ba ya Sallah, yana son ya san shagon Kaduna zai rufe kwana biyu domin ya sayi buhunan da za su kai shi. Da wannan layi guda saƙon ya zama mai amfani ga duk wanda ya karɓa, ba wanda zai ce me ya haɗa ni da shi. Sai dai a lura, saƙo mai sanarwar rufe shago kwana biyu ko uku kafin biki ya kamata ya fita, ba ranar idi da safe ba. Ga Ƙaramar Sallah kuwa kada a saita na'ura ta tura da kanta. A rubuta saƙon a ajiye, a ɗora wa mutum ɗaya alhakin danna shi bayan sanarwar fadar Sarkin Musulmi. Mai abokan ciniki a Maraɗi ko Damagaram ya ƙara kula, domin Nijar tana da nata ganin watan: a 2024 ta yi Sallah ranar Talata 9 ga Afrilu, Najeriya ta yi ranar Laraba 10.

Haɗarin wannan hanya yana fitowa ne daga son burgewa, kuma manyan kamfanoni sun riga sun biya kuɗin karatun. A Istar 2022 bankin Sterling ya fitar da saƙon da ya kwatanta tashin Almasihu da kumburin burodin Agege. Ƙungiyar Kiristoci ta Najeriya, CAN, ta yi Allah wadai, hukumar talla ta sa baki, bankin ya nemi afuwa. A Juma'ar da ke gaban Istar 2023 masu madarar Peak suka yi amfani da hoton gwangwanin da aka lotsa aka huda don nuni ga gicciye, su ma suka janye suka ba da haƙuri. A 2024 hukumar tara haraji ta tarayya ta yi nata, da saƙon da ke cewa Yesu bashinka ya biya ba harajinka ba, ita ma daga baya ta nemi gafara. Duka ukun abu ɗaya suka yi: sun ɗauki abin da mutane ke tsarkakewa suka ƙulla shi da hajarsu cikin raha. Wanda zai zana buhun abincin kaji yana ɗawafi, ko ya sa wa ragon layya magana a baki yana tallata rangwame, hanyarsu ya bi, kuma a Kano ko Sakkwato abin ba zai tsaya a takardar neman afuwa ba.

Ranaku biyu suna buƙatar shawara ta daban. Juma'ar da ke gaban Ista ranar juyayi ce a wurin Kirista, ba a cewa barka a cikinta, a jira Lahadi. Mauludi kuwa, ranar 12 ga Rabi'ul Awwal, hutu ne na ƙasa, mabiya Tijjaniyya da Ƙadiriyya suna raya shi sosai, 'yan Izala kuwa ba sa yi. Kamfanin da ya tura «Barka da Mauludi ga dukkan Musulmi» zai samu amsoshin da bai nema ba. Idan za a yi, a ce «ga masu bikin Mauludi», ko a tsaya a sanarwar hutu. Haka lamarin yake a ɗaya ɓangaren, domin Shaidun Jehobah ba sa bikin Kirsimeti. Kalmar «masu bikin» tana warware duka biyun.

Akwai kuma gajiyar da mutane. Saƙo biyar a shekara ba yawa ba ne, amma idan kowanne ya zo da jelar talla, mutum zai tura STOP zuwa 2442, lambar da hukumar sadarwa ta NCC ta ware don toshe saƙonnin talla, daga nan ka rasa shi.

Hanya ta uku: kowa da gaisuwar bikinsa

A takarda ita ce ta fi kyau. A ce cikin mutum 4,000 ɗin nan 2,400 Musulmi ne, 1,600 Kirista. Kowa zai samu saƙo biyu a shekara, jimilla saƙo 8,000, naira 48,000, ƙasa da rabin kuɗin hanya ta biyu. Saƙon kuma yana iya zama na kusa: «Hajiya, barka da shan ruwa», «Baba, barka da Kirsimeti, a gaishe da iyali.» Babu abin da ya kai wannan ɗumi idan ya faɗa daidai.

Tambayar ita ce ta yaya ka san waye wane. Yawancin masu bin wannan hanya da suna suke rabawa, kuma a arewa suna ba ya faɗin addini. Yakubu, Musa, Ibrahim, Dauda, Yusufu, Haruna, Ayuba, Saratu, Hannatu, duk ana samun su a coci ana samun su a masallaci. Janar Yakubu Gowon Kirista ne, haka Yakubu Dogara da ya shugabanci majalisar wakilai. Sunayen rana irin su Ladi, Talatu, Laraba da Ɗanjuma ba su da ɓangare. Sunayen Yarbawa ma haka, gida ɗaya kan haɗa addinan biyu. Akwai wanda ya sauya addini bai sauya suna ba, akwai lambar da aka yi rajista da sunan maigida amma uwargida ce ke riƙe da wayar. Ko da mutum biyar ne kawai cikin ɗari aka yi kuskure a kansu, a jerinmu mutum 200 ke nan. Kuma kuskuren nan ya fi na hanya ta biyu ciwo. Wanda ya ga saƙon da aka tura wa kowa ya san na kowa ne. Wanda aka kira da sunansa aka yi masa barka da bikin da ba nasa ba, ya gane cewa an zauna an yi masa hasashen addini, aka kuma yi kuskure.

Sannan ga doka. Dokar kare bayanai ta 2023 ta sa addinin mutum cikin bayanai masu tsananin sirri, tare da lafiyarsa da ƙabilarsa da ra'ayinsa na siyasa. Rubuta «M» ko «K» a gaban sunan abokin ciniki adana irin wannan bayanin ne, kuma hanya mafi tsabta ta yin haka ita ce da yardarsa. Tarar da dokar ta tanada ga ƙananan masu riƙe bayanai tana iya kaiwa naira miliyan 2 ko kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigar shekarar da ta gabata, duk wanda ya fi yawa, ga manya kuwa miliyan 10 ko kashi 2 ɗin. Ko babu doka ma, wanda ya zauna a Kaduna ko Jos ya san abin da jerin sunaye da lambobi da unguwanni, an ware su bisa addini, zai iya zama idan ya faɗa hannun da bai dace ba a ranar da gari ya rikice. Ni wannan dalilin ya fi mini tarar nauyi.

Hanyar da ta rage ita ce a bar mutum ya zaɓa da kansa, kuma a tambaye shi game da saƙo, ba game da imaninsa ba. A takardar rajista a sa layi: «Wace gaisuwa kake so mu aiko maka? Ta Sallah, ta Kirsimeti da Ista, duka, ko babu.» Za ka ga wasu sun zaɓi duka. Wahalar ita ce ba kowa zai cike ba, kuma sai an samu mai kula da jerin kullum, yana ƙara sababbi yana cire waɗanda suka ce a daina. Ranar da wannan ma'aikacin ya bar aiki, tsarin yakan bi shi. Idan ta WhatsApp za a tura, jerin aikawa guda mutum 256 yake ɗauka, kuma sai wanda ya adana lambarka ne saƙon zai isa gare shi. Mutum 4,000 na nufin jeri 16, aikin yini guda ga mai haƙuri.

Hanya ta huɗu: kalandar bango

Wannan tsohuwar hanya ce da har yanzu ba ta mutu ba. Ana buga kalanda mai kwanan watan Miladiyya da na Hijira, a yi wa ranakun Sallah da Ista da Kirsimeti alama iri ɗaya, a rubuta layin fatan alheri guda a ƙasa. Wajen ɗorewa ita ce gaba, wata goma sha biyu tana rataye a shagon mai saye, da lambar wayarka a jiki. Kuɗinta ya fi na tes nesa ba kusa ba, ga takarda ga bugu ga rabawa, shi ya sa ba a ba kowa, sai dilolin da ke ɗaukar kaya da yawa. Dole kuma a kai wa mai buga takardu aikin tun Oktoba ko farkon Nuwamba, kafin layi ya yi tsawo.

Kurakuranta biyu ne, kuma idan an buga an buga. Ranakun Hijira hasashe ne, saboda haka a rubuta «bisa ganin wata» a gefen kowace ranar Musulunci. Sannan kada a sa ayar Alƙur'ani ko ta Littafi Mai Tsarki. Kalandar bara a hannun mai ƙosai ko mai tsire take ƙarewa, kuma sunan kamfaninka ne a saman takardar da aka naɗe ƙosan. Hoton kayanka, ko na gonaki, ko na garuruwan da kake da reshe, ya wadatar. Rauninta shi ne ba ta magana a ranar biki, tana nuna ka san da ranar ne kawai.

| Hanya | Kuɗi a shekara (misalinmu) | Ɗorewa | Sauƙi | Haɗari |
|---|---|---|---|---|
| Gaisuwa guda | Naira 24,000 | Ana mantawa nan take | Mai sauƙi ƙwarai | Kaɗan, amma ba ta taɓa zuciya |
| Kowane biki, ga kowa | Naira 120,000 | Tana gina suna idan an riƙe ta | Matsakaici, sai an bi ganin wata | Lafazi ko hoto marar kyau, manta wani biki |
| Kowa da nasa | Naira 48,000 da albashin mai kula da jeri | Ta dogara da mai kula da jerin | Mai wuya | Kuskuren hasashe, dokar bayanai |
| Kalanda | Ya fi duka, gwargwadon adadi | Shekara guda | Aiki sau ɗaya, da wuri | Kuskuren bugu ba ya gyaruwa |

Wa ya dace da wacce

Kamfanin da abokan cinikinsa suka kai dubbai, bai san yawancinsu ido da ido ba, irin su kantin magani, makaranta mai zaman kanta, ƙaramin banki, kamfanin sufuri, ko mai abincin kajin misalinmu, hanya ta biyu ce tasa. Bambancin naira 72,000 da ke tsakaninta da ta uku bai kai darajar ajiye jerin addinin mutane ba. Sharaɗin shi ne a rubuta saƙonnin shekara duka a zama ɗaya tun Janairu, tsawonsu ɗaya, zanensu ɗaya, kuɗin da aka ware musu ɗaya, sannan a ba ma'aikaci Musulmi ya karanta na Sallah, Kirista ya karanta na Ista da Kirsimeti, kowanne kuma ya leƙa na ɗan'uwansa. Idan akwai reshe a Legas, Oyo, Ogun ko Osun, a tuna cewa waɗannan jihohi sun ba da hutun ranar Isese ta masu addinin gargajiya a 20 ga Agusta, sai a sa ta a lissafin wannan reshen.

Mai abokan ciniki ƙalilan da ya san su ya san gidajensu, kamar ɗan kwangila, dillalin hatsi ko mai ɗinki, hanya ta uku ce ta dace da shi, kuma ba ya buƙatar wani jeri domin a kansa suke. Shi kiran waya ma ya fi masa tes, zumunci a ƙafa yake. Wanda kuɗi suka yi wa ƙaranci, ko wanda zuciyarsa ba ta natsu da gaisuwar bikin wani addini ba, ya ɗauki ta farko a matsayin gaisuwar sabuwar shekara, ya bi ta da sanarwar hutu marar ado a kowane biki, iri ɗaya ga kowane ɓangare. Mai sayar wa diloli da masu shaguna kuwa ya ƙara kalanda a kan hanya ta biyu, ya buga daidai adadin manyan masu sayensa, ɗari biyu ko uku, ya tabbatar ta isa hannunsu kafin tsakiyar Disamba.